Shamuwa Ba Ta Kawo Ruwa: A Gyara Yadda Muke Koyar da Tambayoyin Sanadi da Sakamako



A farkon zangon da ya gabata na rubuta wa ɗalibaina na aji shida jimloli biyu a allo. Ta farko ta ce: "Shamuwa ta sauka a garinmu." Ta biyu ta ce: "Ruwan farko ya zuba." Na tambaye su wacce ce ta haifar da 'yar'uwarta. Kafin in ajiye alli hannuwa sun tashi, kuma kusan kowa bakinsa ɗaya: shamuwa ce sanadi, ruwa shi ne sakamako. Da na nemi hujja, sai wani yaro mai kaifin baki ya ce, "Malam, ai ita ta fara zuwa, kuma ita ka fara rubutawa." Ajin ya yi dariya, ni ma na yi, amma a raina na san cewa yaron bai ƙirƙiri wannan hujja da kansa ba. Mu muka koya masa ita.

Ina so in yi magana a kan wani nau'in tambaya da ke zuwa a darasin auna basira, wanda kuma manyanmu ke cin karo da shi a gwajin neman aiki. Ana ba mutum jimloli biyu, a ce ya zaɓi alaƙar da ke tsakaninsu. A cikakken tsarin tambayar zaɓin yakan kai biyar. Ko dai ta farko ce sanadi, ta biyu sakamako. Ko ta biyu ce sanadi, ta farko sakamako. Ko dukansu sanadai ne masu zaman kansu. Ko dukansu sakamako ne amma kowacce da nata sanadin daban. Ko kuma dukansu sakamako ne na wani abu guda da ba a ambata ba. Idan aka tattara su, hukunci uku ne kacal: ɗaya ta haifi ɗaya, ko uwarsu ɗaya, ko kuwa babu dangantaka tsakaninsu sam.

Ra'ayina shi ne, yadda da yawanmu ke koyar da wannan tambaya ɓarnarsa ta fi gyaransa. Muna ba yara dabarun cinke amsa, muna hana su abin da aka ƙirƙiri tambayar dominsa, wato su iya tsayawa su tambayi kansu ko da gaske wannan ne ya jawo wancan. Na san haka domin ni kaina na shafe shekaru ina yin wannan kuskure.

Dabara biyu muke yawan bayarwa. Ta farko ita ce farautar kalma: mu ce wa yaro ya nemi "saboda" ko "don haka", ko takwarorinsu na Turanci, abin da ya biyo bayan "saboda" shi ne sanadi. Wannan yana aiki a darasin fahimtar karatu, inda marubuci ya riga ya ɗaura jimlolin da kansa. Amma a tambayar da muke magana a kanta an cire waɗannan kalmomi da gangan. An kwance igiyar ne domin a ga ko yaro zai iya ɗaurawa. Wanda aka horar da farautar kalma, da ya duba bai ganta ba, sai ya koma canki-canka.

Dabara ta biyu ta fi haɗari, domin rabin gaskiya ce. Muna cewa sanadi shi ke fara zuwa, sakamako ya biyo baya. Haka ne, babu sakamakon da ke riga sanadinsa faruwa. Amma ba duk abin da ya riga ne ya haifar ba. Zakara yana cara kafin gari ya waye, kuma da za a yanka zakarun garin nan duka a dare ɗaya, gobe sai rana ta fito. Shamuwa tana ci-rani a kudancin nahiyar Afirka, tana dawowa ƙasarmu idan yanayi ya fara juyawa, lokacin da fari da sauran ƙwarin da take ci ke shirin yawaita. Juyawar yanayin da ta kawo ta ita ce ke kawo ruwan. Kakanninmu da suka ɗauke ta mai bushara da damina ba su yi kuskure ba, domin alama suka kira ta. Mu ne muka mayar da alama sanadi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yaro yakan rikita abin da ya fara faruwa da abin da aka fara rubutawa, alhali mai tsara tambaya yana sane yake sa sakamako a sama, sanadi a ƙasa.

Abin da nake ba da shawara a maimakon waɗannan shi ne tambayoyi uku, waɗanda yaro zai riƙa yi wa kansa bi da bi, da harshen da yake tunani da shi. Wanne ya fara faruwa a duniya, ba a takarda ba? Ta wace hanya wannan ya kai ga wancan? Da za a cire wannan, wancan zai faru? Tambaya ta farko tana fitar da wanda ba zai yiwu ya zama sanadi ba. Ta biyu tana neman zaren da ya haɗa su. Ta uku ita ce alƙali.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, misalin da kowane gida ya sani. Jimla ta farko: "An fara gasa sabuwar masara a bakin hanya." Jimla ta biyu: "Yara masu zazzaɓi sun cika asibitin garin." Babu malamin da bai taɓa jin wata uwa ko kaka tana cewa ɗanyar masara ce ke sa yara zazzaɓi ba. Kuma ba ƙarya suka yi game da abin da idonsu ya gani ba, domin kowace shekara abubuwan biyu tare suke zuwa.

Tambaya ta farko ba ta raba gardama a nan. Masara ta nuna, zazzaɓi ya yawaita, duk a tsakiyar damina zuwa ƙarshenta. Abin da kawai za mu iya cirewa shi ne a ce zazzaɓin yara ne ya sa masara ta nuna, wanda ko ɗan aji ɗaya ba zai yarda da shi ba. Saura a gwada ɗaya ɓangaren.

Tambaya ta biyu ta ce a nuna hanya. Ta yaya masara da ta shiga ciki take zama zazzaɓin da likita ke gani a jini idan ya yi gwaji? A nan ajin yakan yi shiru, kuma wannan shirun shi ne darasin. Hanyar zazzaɓin cizon sauro sananniya ce daki-daki. Ruwan sama yana kwanciya a kududdufai da sawun dabbobi da ramukan da aka haƙa ƙasar gini. Macen sauro tana zuba ƙwai a ciki, kuma cikin kamar mako biyu, ko ƙasa da haka idan akwai zafi, ƙwan ya zama sauro mai tashi. Idan ta ciji mai ɗauke da cutar, ƙwayar tana ɗaukar kwanaki goma ko fiye tana girma a jikinta kafin ta iya saka wa wani. Wanda ta ciza kuma yakan yi kwana 10 zuwa 15 kafin jikinsa ya yi zafi. Idan aka haɗa waɗannan makonni, aka ƙara da yadda sauro ke ninkuwa zuriya bayan zuriya, za a ga dalilin da ya sa zazzaɓi ba ya tsananta da ruwan farko, sai damina ta yi nisa. Masara kuwa tana buƙatar wata biyu da ɗoriya zuwa uku daga shuka kafin a karya ta ɗanya. Ashe agogo ɗaya ne ya tashe su, wato saukar ruwa, shi ya sa suke isowa tare.

Tambaya ta uku ta rufe shari'ar. A cire masara, zazzaɓi zai tafi? Jaririn goye da bai yi haƙori ba, bai taɓa ɗanɗana masara ba, yana kamuwa da shi. A juya kuma: mutumin da ya ci gasasshiyar masara a ƙasar da babu wannan sauro, ba ya kamuwa. A cire ruwan sama kuwa, ba masarar damina, ba kududdufi. Amsar ita ce zaɓi na biyar, dukansu sakamako ne na sanadi guda da ba a rubuta a takardar ba.

Na zaɓi wannan misali ne domin a ga cewa maganar ta wuce maki ɗaya a jarrabawa. Uwar da ta yarda masara ce mai laifi za ta hana yaro masara, ta bar gidan sauro a naɗe cikin akwati. Kuma ba mu kaɗai muka taɓa yin irin wannan kuskure ba. Sunan da Turawa suke kiran cutar da shi ya samo asali ne daga kalmomin Italiyanci masu ma'anar mummunar iska, domin sun daɗe suna ganin mazauna kusa da fadama suna kamuwa, sai suka ɗora laifin a kan warin fadamar. Sai a shekarar 1897 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Ronald Ross, yana aiki a ƙasar Indiya, ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro. Ƙarnuka masana suna kallon wari da zazzaɓi suna tafiya tare, alhali ruwan da ke kwance ne ya haifi warin, shi ne kuma ya raini sauron. Idan masana sun faɗa wannan rami, babu abin kunya ga ɗan aji shida. Abin kunyar namu ne idan muka ga ramin muka ƙi nuna masa.

Waɗannan tambayoyi uku suna aiki a sauran zaɓin ma. A ɗauki wannan: "Kwandon tumatir ya yi tsadar da ba a saba gani ba." Sai ta biyu: "Wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna." Wannan ya faru da gaske a 2016. Tsada ce a sama a takarda, amma tsutsa ce ta fara a gona. Hanyar a bayyane take: amfani ya lalace, kaya sun yi ƙaranci a kasuwa, masu saye suna nan yadda suke, kuɗi ya hau. A cire tsutsar, irin wannan tsada ba za ta zo ba. Jimla ta biyu ce sanadi. Ga wani kuma: "Kuɗin adaidaita-sahu ya ƙaru." "Mai cajin waya da janareta ya ƙara kuɗi." Babu wanda ya jawo wani a cikinsu. Duk wanda ya ga abin da ya biyo bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur, ya san uwar da ta haife su. Amma idan aka ce "Kuɗin adaidaita-sahu ya ƙaru" sannan "Iska ta yaye rufin aji uku", to ko a rana ɗaya suka faru, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Kowanne sakamako ne, kuma kowanne da ubansa daban.

Wurin da yara masu ƙoƙari suka fi tuntuɓe shi ne a nan, tsakanin masu uwa ɗaya da waɗanda babu dangantaka. Yaro mai kaifin tunani yana iya ƙulla labari tsakanin kowane abu biyu a duniya. Zai ce ai tsadar mai ce ta sa ba a sayi ƙusa ba, rashin ƙusa ya sa ba a gyara rufi ba, shi ya sa iska ta yaye shi. Ina yaba masa, sannan in ce ya ƙirga sau nawa ya ce "wataƙila". Ƙa'idar da nake ba su ita ce, sanadin da tambaya ke nema shi ne na kusa, wanda shi kaɗai ya isa ya kawo abin, ba sai an aro masa labari daga waje ba. Idan zarenka yana buƙatar ƙulli uku da kai ka ƙirƙira, to babu zare. Idan kuma ka ce uwarsu ɗaya, sai ka faɗi sunan uwar. Wanda bai iya ambatar ta ba, bai gan ta ba.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, domin sun faɗa mini a ofishin malamai. Za su ce aji ya cika maƙil, darasi minti 35 ne ko 40, manhaja tana da tsawo, kuma jarrabawa ba ta tambayar hujja, harafi kawai ake zagayewa. Ban raina wannan magana ba, domin ni ma cikin irin wannan aji nake. Amma ku dubi lissafin. Tambaya mai zaɓi biyar, wanda ya cinka yana da damar dacewa sau ɗaya cikin biyar. Dabarar "na sama shi ne sanadi" ba ta ƙara masa komai idan mai tsara tambaya ya rarraba amsoshinsa daidai, domin zaɓi ɗaya kawai take nunawa. Saboda haka tambaya ashirin da aka yi da cinke ba su kai tambaya uku da aka bi da hujja ba. Ni yanzu uku nake yi a darasi. Yara su zauna bibbiyu, ɗaya ya faɗi amsa, ɗaya ya ce masa "ta wace hanya?" Da Hausa suke gardamar, sannan mu mayar da ita Turanci. A gwajin aji kuwa maki biyu nake ba kowace tambaya, ɗaya na harafi, ɗaya na jimla guda da ke bayyana dalili. Wanda ya dace da harafi bai kawo dalili ba, rabi ya samu.

Wasu kuma za su ce wannan tunani ya fi ƙarfin ɗan firamare. Ban yarda ba. Yarinyar da ta san cewa tuwo ya yi gudaji ne domin ba a yi rude da kyau ba, ta san sanadi da sakamako. Yaron da fitilarsa ta mutu, ya cire batir ya sa na rediyo don ya gane ko batir ne ko ƙwai, ya riga ya yi tambayata ta uku ba tare da an koya masa ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, sun kuma ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Neman sanadi a jininmu yake. Abin da ya rage a koyar shi ne haƙurin tantancewa, domin biri ya yi kama da mutum, amma wutsiya ta raba su.

Akwai laifin da ke kanmu a matsayin masu tsara tambaya, kuma ya kamata mu faɗe shi. Wasu tambayoyin da muke kwafowa daga littattafan kasuwa ba su da amsa guda. A dubi wannan: "Yaro yana yawan fashin makaranta." "Yaro yana faɗuwa jarrabawa." Fashi yana jawo faɗuwa, gaskiya ne. Amma yaron da kullum ake masa dariya don bai iya karatu ba yakan fara ɓuya, a nan faɗuwa ce ta jawo fashi. Wani kuma talla ce ko rashin lafiya ta jawo masa duka biyun. Amsa uku ke nan, kowacce tana da ƙafar tsayawa. Irin wannan ta dace da muhawara a aji, amma zalunci ne a sa ta a jarrabawa a kuma soke wanda ya bambanta da takardar amsa. Kafin mu ba yara tambaya, mu miƙa wa abokin aiki ya amsa ba tare da ganin amsarmu ba. Idan malamai biyu suka saɓa, tambayar ce ba ta da lafiya. Haka nan mu guji tambayar da ke buƙatar sanin abin da yaro bai taɓa gani ba, kamar dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. A irin wannan ba tunaninsa muke aunawa ba, inda aka haife shi muke aunawa.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, wannan darasi namu ne kafin ya zama na yara. Da irin waɗannan jimloli biyu ake yanke mana hukunci. Ana cewa: "Malam wane ne ke koyar da ajin nan." "Yaran ajin nan sun faɗi." Sai a zagaye zaɓin farko a rufe fayil. Ba a tambayi yara nawa ne a ajin ba, ko nawa ne suka iso aji shida ba su iya haɗa baƙi ba, ko kuwa da za a cire malamin a kawo wani a bar sauran abubuwa yadda suke, sakamakon zai canja. Ana kuma cewa yaran da ke zuwa darasin yamma na kuɗi sun fi cin jarrabawa, don haka darasin ne sirrin. Ta yiwu yana taimakawa. Amma gidan da ke iya biyan kuɗin darasi shi ne galibi gidan da ke da littafi da fitila da karin kumallo, kuma sai an raba waɗannan kafin a san rabon darasin a cikin nasarar.

Sai dai wuƙar nan baki biyu gare ta. Idan muka je gaban hukuma muka ce jinkirin albashi ne ya sa karatu ya lalace, mu ma a shirye muke a ce mana "ta wace hanya?" Dole mu iya nuna zaren: albashi ya makara, malamin da ke zuwa daga nesa ya rasa kuɗin mota, darasin safe ya wuce babu kowa a gaban allo, kwana kaza a wata kaza. Wannan hujja ce da rajistar zuwa aiki za ta iya tabbatarwa. Kuma inda aka biya albashi a kan kari amma aji ya zauna babu malami, gaskiya ta wajabta mu nemi sanadin a cikin gidanmu. Ƙungiyar da ke auna maganarta da mudun da take auna ta wasu, ita ake saurare idan ta yi magana.

Roƙona ga shugabannin reshe shi ne a ware mana sa'a guda a taro mai zuwa. Kowane malami ya zo da jimloli bibbiyu guda biyar daga rayuwar garinsa, ɗaya ga kowane zaɓi, mu gwada su a kan juna, mu zubar da marasa lafiya, mu tara masu kyau a raba wa makarantu. Alli da takarda kawai aikin yake ci.

Shi kuwa yaron nan mai shamuwa, makonni bayan haka na rubuta musu cewa masu sayar da laima sun fito, kuma kwata ta cika ta tumbatsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, uwarsu ɗaya." Na ce ya faɗi sunanta. Ya ce ruwan sama.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa albarka a aikinmu. Wassalam.